Kundin aikin darasin Q da K: ina riyakshan zai karkata?

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗora wa kaina a wannan zango shi ne in haɗa wa 'yan aji uku na babbar sakandare ɗan gajeren darasin kemistiri a rubuce, da Hausa, kan yadda ake gane ɓangaren da riyakshan zai karkata ta hanyar lissafi. Ina so mu kammala kafin azumi.

Yaran sun haddace ƙa'idar Le Chatelier tsaf, wadda ke cewa idan aka taɓa riyakshan da ke zaune a daidaito, zai karkata ɓangaren ikweshan da zai rage tasirin taɓawar. Ka ce musu an ƙara kaza, nan take za su amsa baki ɗaya cewa daidaito zai koma dama. Amma wannan ƙa'ida tana magana ne kan abin da ya riga ya zauna a daidaito sannan aka taɓa shi. Idan ka ba su tulu a rufe, ka ce ga gas uku a ciki, ga yawan kowanne, ba ka faɗa musu ko an kai daidaito ko ba a kai ba, sai ajin ya yi tsit. A nan ne ake buƙatar Q.

Q da K tsarin lissafinsu ɗaya ne. Kaurin sinadaran da ke dama a sama, na waɗanda ke hagu a ƙasa, kowanne an ɗaga shi zuwa fawar lambar da ke gabansa a ikweshan. Kauri a nan yana nufin mol nawa ne a cikin lita ɗaya. Bambancin shi ne, K ana samunsa ne da alƙaluman lokacin da aka kai daidaito, kuma lamba ce tsayayya muddin zafi bai canza ba. Shi kuwa Q, da alƙaluman wannan lokacin da kake ciki ake lissafa shi, ko an kai daidaito ko ba a kai ba. Idan Q bai kai K ba, riyakshan zai tafi dama, na sama ya ƙaru, na ƙasa ya ragu, har Q ya hau ya tarar da K. Idan Q ya wuce K, zai koma hagu. Idan sun zo ɗaya, an zauna.

Na gwada musu da ciniki a Babbar Kasuwa. K shi ne farashin da za a sallama a kansa. Idan tayin mai saye bai kai ba, sama zai yi. Idan kuɗin da mai kaya ya yanka ya zarce, ƙasa zai yi. Sun karɓa, amma na san sai an zo ga alƙaluma za a ga ko ya shiga.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na zaɓi misalin da darasin zai tsaya a kansa: haɗuwar haidirojin da ayodin su ba da haidirojin ayodaid. Riyakshan ne da aka daɗe da aunawa, tun shekarun 1890 Max Bodenstein ya yi aiki a kansa a Jamus, kuma lissafinsa yana fita ba tare da wahala ba. A zafin digiri 445 na Salsiyas, K ɗinsa kusan 50 ne, kuma dukkan ukun gas ne a wannan zafin.

```
H2 + I2 ⇌ 2HI        K = 50
Q = [HI]² / ([H2][I2])
```

Tambayar da na rubuta a allo ita ce: tulu mai cin lita 2 a rufe, a ciki akwai mol 0.40 na H2, mol 0.40 na I2, da mol 1.60 na HI. Ina za a dosa?

Kafin kowa ya ɗauki biro na ce a ɗaga hannu. Mafi yawan ajin suka ce hagu. Hujjarsu ita ce HI ya fi yawa, ya ninka kowanne daga cikin biyun sau huɗu, don haka dole ya rushe ya koma. Wannan tunanin shi ne ainihin abin da nake son darasin ya kawar. A ransu daidaito yana nufin ɓangarorin biyu su zo kai ɗaya. Alhali abin da ke zuwa ɗaya a daidaito shi ne saurin tafiya da saurin dawowa, yawan sinadaran kuwa K ne ke yanke shi. K na 50 yana cewa wannan riyakshan ba ya zama sai HI ya yi rinjaye sosai.

Sai muka yi lissafin. Matakin farko a raba kowane mol da lita 2. H2 ya zama 0.20, I2 ya zama 0.20, HI ya zama 0.80.

```
Q = (0.80)² / (0.20 × 0.20)
  = 0.64 / 0.040
  = 16
```

16 bai kai 50 ba. Ke nan duk da yawan da HI yake da shi, bai isa ba tukuna. Riyakshan zai ci gaba zuwa dama, a ƙara cin H2 da I2, a ƙara samar da HI. Kuma da yake tururin ayodin shunayya ne, sauran biyun ba su da launi, da tulun na gilashi ne da an ga launin yana dusashewa.

Wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malam, to in an juya ikweshan ɗin hwa, HI ya dawo hagu? Amsar ba ta canzawa?" Tambaya ce mai kyau, muka bi ta a allo. Idan ka rubuta 2HI ⇌ H2 + I2, to K ya zama 1/50, wato 0.020, Q kuma ya zama 1/16, wato kusan 0.063. Yanzu Q ya fi K, don haka a koma hagu. Amma hagun yanzu wa ke can? HI ne. Amsa ɗaya ce: HI zai ƙaru. Zan sa wannan a cikin rubutun, domin yana nuna cewa kowane K yana tafiya ne da ikweshan ɗinsa yadda aka rubuta shi, ba a ɗauko K na wani rubutu a kwatanta da Q na wani.

Talata, 21 ga Janairu

Yau mun wuce sanin hanya, mun nemi inda za a tsaya. A nan ne amfanin Q yake fitowa fili, domin shi ke gaya maka ina za ka sa alamar ragewa da ta ƙarawa. Tun da mun san dama za a tafi, H2 da I2 kowanne zai ragu da wani adadi, mu kira shi x, HI kuma zai ƙaru da 2x, saboda kowane H2 guda da ya haɗu da I2 guda, HI biyu suke bayarwa.

```
(0.80 + 2x)² / (0.20 − x)² = 50
(0.80 + 2x) / (0.20 − x) = 7.07
9.07x = 0.614
x = 0.068
```

Da gangan na sa H2 da I2 suka zo daidai tun farko, don sama da ƙasa duka su zama sikwaya, a ɗauki rut ɗinsu kai tsaye. Sakamako: H2 da I2 kowanne ya sauko zuwa kusan 0.132, HI ya hau zuwa kusan 0.935. Na hana kowa rufe littafi sai ya mayar da waɗannan cikin tsarin Q ya gani. Sikwayar 0.935 kusan 0.875 ce, ta 0.132 kusan 0.0175 ce, idan ka raba za ka sami 50. Wannan dubawar ta ƙarshe ba ta cin minti guda, kuma ita ce kaɗai shaidar da ɗalibi yake da ita a ɗakin jarrabawa cewa bai ɓace a hanya ba.

Malamin lissafi, da na nuna masa takardar a ofishin malamai, ya tuna mini da cewa rut ɗin 50 yana iya zama −7.07. Gaskiyarsa. Idan aka bi wannan, x yana fitowa kusan 0.44. To H2 ɗin da ke tulun gaba ɗayansa 0.20 ne, ba yadda za a ci 0.44 daga cikinsa. Don haka an yar da wannan amsar. Na ƙara layi biyu a rubutun a kan haka, saboda waɗanda za su shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su gamu da tambayoyin da sai an warware kwadiratik, kuma kullum amsa biyu ke fitowa, ɗaya ba ta yiwuwa.

Da sauran lokaci, sai muka taɓa daidaiton da muka samu. Aka ƙara mol 1.0 na HI a tulun mai lita 2, wato ƙarin 0.50 a kaurinsa. A daidai lokacin da aka zuba, kafin komai ya motsa, HI ya zama 1.435, sauran suna nan a 0.132. Q ya tashi zuwa kusan 118. Ya wuce 50, sai a koma hagu. Wannan ko Le Chatelier zai faɗa maka. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne nawa. Da muka warware, HI ya ragu da kusan 0.11 kawai, ya tsaya a 1.325, H2 da I2 suka hau zuwa 0.187. Ke nan daga cikin 0.50 da aka ƙara, abin da ya rushe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da yawa daga yaran sun zaci tulun zai cinye duk abin da aka ƙara ya koma yadda yake. Ba ya komawa. Rabon ne ke komawa 50, alƙaluman kuwa sababbi ne.

Asabar, 25 ga Janairu

Na duba aikin gida. Kuskuren da ya fi yawa shi ne manta sikwaya a kan HI. Matsalar ita ce a misalinmu na farko wannan kuskuren ba ya tona kansa: 0.80 a raba da 0.040 yana ba da 20, wanda shi ma bai kai 50 ba, sai yaro ya rubuta "dama" ya ci maki da lissafin da ba daidai ba. Don haka na ƙirƙiro tambayar da za ta kama shi. H2 da I2 kowanne 0.10, HI kuma 0.60.

Wanda ya yi daidai zai sami 0.36 a raba da 0.010, wato 36, a tafi dama. Wanda ya manta sikwaya zai sami 60, ya ce hagu. Akwai kuma wasu kaɗan da ke ninka HI da biyu sannan su yi sikwaya, saboda sun ga 2 a gabansa. Su 144 za su samu, su ma su ce hagu. Da ganin lambar da yaro ya rubuta na san inda ya zame, ba sai na bi layinsa ɗaya bayan ɗaya ba.

Kuskure na biyu shi ne zuba mol kai tsaye ba a raba da lita ba. Shi ma misalin HI yana rufa masa asiri, domin gas biyu ne a hagu, biyu a dama, litar tana soke kanta. Sikwayar 1.60 a raba da 0.40 sau 0.40 ma 16 ce. Wannan raunin misalin ne, kuma dole darasin ya kawo riyakshan na biyu wanda yawan ɓangarorinsa bai zo ɗaya ba. Amma raunin yana da nasa amfani. Idan ka matse tulun HI ya koma lita 1, kowane kauri ya ninka biyu, sama ya ninka huɗu, ƙasa ya ninka huɗu, Q bai motsa ba. Launin shunayya zai ƙara duhu saboda an tara ayodin a ƙaramin wuri, amma daidaito yana nan inda yake. Canjin launi ba kullum yake nufin an karkata ba.

Laraba, 29 ga Janairu

HI a digiri 445 ba abin da za mu iya yi a ɗakin gwajinmu ba ne. Ina son abin da yara za su gani da ido, don haka na koma ga haɗuwar ayon ɗin ƙarfe da tayosayanet a ruwa, wadda ke ba da launi ja mai kama da jini idan ta yi kauri, ruwan lemo idan ta yi tsarari.

```
Fe³⁺ + SCN⁻ ⇌ FeSCN²⁺
Q = [FeSCN²⁺] / ([Fe³⁺][SCN⁻])
```

Biyu a hagu, ɗaya a dama. Abin da nake nema ke nan.

Yau haɗa ruwan kawai muka yi ni da mai kula da ɗakin gwaji. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi ya ƙare, sai muka gwada na burtsatse don mu ga ko zai yi. Bai yi ba. Da aka narka gishirin ƙarfen a ciki, ba a jima ba ya yi gurɓi, launin ƙasa-ƙasa ya fara kwantawa. Ayon ɗin Fe³⁺ ba ya zama a ruwan da ba shi da tsami, yana kama haidiroksaid ya fita daga ruwan. Idan hakan ta faru, kaurin Fe³⁺ da ka rubuta a takarda ba shi ne ke cikin kwalba ba, duk Q da ka lissafa na banza ne. Alamar ita ce ruwan ya daina zama garau. Maganinsa a narka komai a cikin asid ɗin naitirik mai tsarari, kamar mol 0.1 a lita, kuma a yi amfani da naitiret ɗin ƙarfe, domin idan kuloraid ne, shi ma yana kama Fe³⁺ ya ba da rawaya, ya dagula launin.

Na ja kunnen mai kula da ɗakin cewa kada tayosayanet ya haɗu da asid mai kauri, balle a ɗora a wuta, domin yana iya fitar da iska mai guba. Kwalbar asid mai kauri ba za ta fito teburin ɗalibai ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

An samo tataccen ruwa, an yi gwajin. Wannan shi ne zaman da ya fi gamsar da ni tun da muka fara.

Ƙara Fe³⁺ ko SCN⁻ mun wuce shi da sauri: ƙasan Q ya ƙaru, Q ya faɗi, a tafi dama, jan ya ƙara duhu. Kowa ya hango wannan. Tambayar da na tanada ita ce, idan aka tsarara ruwan, aka ninka yawansa biyu ba tare da an ƙara ko an cire wani sinadari daga cikin ukun ba, me zai faru da daidaito?

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai babu abin da za ya faru. Duka ukun sun ragu daidai da juna, wanga ya ragu da rabi, wancan ma haka." Ajin suka goyi bayansa. Magana ce mai kama da gaskiya, kuma haddar Le Chatelier ba ta ba su abin da za su kama a nan ba, tun da ba gas ba ne balle a yi maganar matsi.

K na wannan riyakshan yana canzawa da zafi da kuma yawan gishirin da ke cikin ruwan, don haka na ce don lissafinmu mu ɗauke shi 140. Mu ce a daidaito Fe³⁺ yana 0.010, SCN⁻ yana 0.00010, jan kuma yana 0.00014. Idan ka raba 0.00014 da 0.010 sau 0.00010, 140 za ka samu, ke nan an zauna. Yanzu a ninka ruwa biyu, kowanne ya koma rabi.

```
Q = 0.000070 / (0.0050 × 0.000050)
  = 280
```

Sama ya ragu da rabi sau ɗaya, ƙasa kuwa ya ragu da rabi sau biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa Q ya ninka. 280 ya fi 140, sai a koma hagu, wani ɓangare na jan ya rabu ya koma Fe³⁺ da SCN⁻.

Nawa zai rabu? Fe³⁺ ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba, ɗan abin da zai ƙaru masa ba zai taɓa 0.0050 ba. Don haka a sabon daidaito, rabon ja da SCN⁻ zai zama 140 sau 0.0050, wato 0.70. Jimillarsu biyun 0.00012 ce, kuma ba ta canzawa. Idan ka raba ta bisa wannan rabon, jan ya tsaya a kusan 0.000049. Tsararawa kaɗai ta kai shi 0.000070, karkatar daidaito ta ƙara sauko da shi zuwa 0.000049. Kusan kashi uku cikin goma na jan ya ɓace.

Wahalar ita ce yadda za a nuna wannan da ido, tun da duk abin da ka tsarara launinsa zai dusashe ko da ba wani daidaito. Dabarar ita ce a leƙa kwalbar gwaji daga sama, a bisa farar takarda. Idan ka ninka ruwa biyu a kwalba mai faɗi ɗaya, kauri ya koma rabi amma zurfin da idonka ke ratsawa ya ninka, sai su soke juna. Mun fara da ruwan famanganet mai tsarari: kwalba biyu, aka ƙara wa ɗaya ruwa har tsayinsa ya ninka. Daga gefe ta fi haske, daga sama kuwa launinsu ɗaya. Sannan muka yi haka da jan ruwanmu, muka tsarara shi da wannan asid ɗin mai mol 0.1 don kada tsaminsa ya canza. Daga sama, kwalbar da aka tsarara ta fi haske a fili. Yaran suka yi ta layi suna leƙawa. Wanda ya ce babu abin da zai faru ya koma kujerarsa ya sake lissafin da kansa, ya zo ya nuna mini 280 ɗinsa.

Wannan misalin ya kuma toshe ramin da HI ya bari. A nan idan ka zuba mol ba ka raba da lita ba, kafin tsararawa da bayanta lamba ɗaya za ka samu, ka ce ba a motsa ba, alhali kwalba tana nuna maka an motsa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gajeren zama kan zafi. Da safe akwai sauran sanyin hunturu, don haka muka dafa ruwa, muka tsoma kwalba ɗaya ta jan ruwan a ciki, ɗaya kuma a ruwan ƙanƙara. Ta cikin ruwan zafi ta yi haske, ta cikin sanyi ta ƙara duhu.

Abin da nake so su riƙe shi ne, a nan ba Q ne ya fara motsi ba. Ba a ƙara komai ba, ba a tsarara ba, kaurin kowanne yana nan a lokacin da aka tsoma. K ne ya sauka, domin haɗuwar tana fitar da zafi, kuma irin wannan riyakshan K ɗinsa yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Q da yake daidai da K ɗazu, yanzu ya tsinci kansa a sama, sai a koma hagu. Haka ma 50 ɗin HI na digiri 445 ne kawai. A digiri 430 ya kai kusan 54. Tambayar da ta ba da K ba ta faɗi zafi ba, ana nufin zafin bai canza ba ke nan.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na rubuta sashen da ya shafi abubuwa masu tauri, kuma ba sai na je nesa neman misali ba, ga masana'antar siminti a Kalambaina wadda ke ƙona dutsen farar ƙasa.

```
CaCO3 ⇌ CaO + CO2
Q = matsin CO2
```

Dutsen da abin da ya bari bayan ƙuna duka masu tauri ne, ba sa shiga Q. Ko tan guda ne ko tan ɗari, ba ya canza hanyar da za a bi, muddin akwai shi. Abin da ya rage shi ne matsin CO2 da ke kewaye da dutsen. K yana kaiwa kusan atmosfiya 1 a wajen digiri 900. Idan da a tukunya rufaffiya ake ƙonawa, CO2 zai taru har Q ya kai K, ƙuna ta tsaya da sauran ɗanyen dutse a ciki. A murhun masana'anta iska tana ratsawa tana kwashe gas ɗin, Q ba ya samun damar hawa ya tarar da K, sai dutsen ya yi ta rushewa har ya ƙare. Wasu daga cikin yaran iyayensu a can suke aiki, ina sa ran wannan sashen zai zauna musu.

Akwai iyaka ɗaya da na sa da manyan baƙaƙe a ƙarshen shafi na uku. Q yana faɗin hanya, ba ya faɗin sauri. Haidirojin da oksijin za su iya zama a kwalba ɗaya a zafin ɗaki tsawon shekaru, Q yana ƙasa da K da tazarar da ba ta misaltuwa, amma ba za ka ga ɗigon ruwa ba sai an kawo tartsatsi ko katalis. Katalis ɗin kuma ba ya taɓa K, ba ya taɓa Q, yana rage lokacin da za a ɗauka kafin su haɗu ne kawai.

Shafi huɗu sun kammala, an buga su, gobe za a raba. Abin da ya rage shi ne sashen gas da ake lissafawa da matsi maimakon kauri. Ina son in yi shi da haɗa amoniya daga naitirojin da haidirojin, inda gas huɗu ke komawa biyu, in kuma sa tambayar ƙara gas ɗin da ba ya shiga riyakshan, kamar agon, a tulun da girmansa bai canza ba. Matsin tulun gaba ɗaya zai hau, na tabbata rabin ajin za su ce dama, amma matsin kowanne daga cikin ukun yana nan, don haka Q bai motsa ba. Zan fara ba su ita a matsayin aikin gida ranar Alhamis, in ga lambobin da za su kawo kafin in rubuta bayanin.